Jimillar lodi ba ita ce girman babban allon wuta ba

An daɗe ana zaton cewa idan za a zaɓi babban allon rarraba wuta, sai a tara ƙarfin duk na'urorin gini a sayi wanda zai ɗauke su gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin da wuya a kunna su duka a lokaci guda.

A ɗauki misalin bene mai shaguna na kilowat 120, ofisoshi 150, gidajen kwana 200, jimilla 470. A ce binciken lodi ya nuna shaguna na jan kashi 80 cikin ɗari, ofisoshi 70, gidaje 50. Buƙatar ta koma 96, 105 da 100, wato 301. Sannan ofisoshi da rana suke cin wuta, gidaje kuwa sai bayan magariba, saboda haka a raba da 1.2, adadin da aka ɗauka a wannan misali domin bambancin lokacin cin wuta, a samu kusan kilowat 251.

Da lissafin wuta mai layi uku, I = P / (√3 × V × cosφ), inda I ke nufin amfiya, P ƙarfi a wat, V bolt, cosφ kuwa kason wutar da ke yin aiki na zahiri, a kan bolt 400 da cosφ 0.85, wannan amfiya 426 ne. Idan an ƙara kashi 25 domin faɗaɗa gini nan gaba, allo mai amfiya 630 ya wadatar, alhali tsohon lissafi da irin wannan ƙari zai kai mutum ga 1000, da kebul da taransifoma masu tsadar banza.

Sai dai ragin yana da iyaka. Famfon kashe gobara ba a rage masa komai, kuma a zafin Afrilu na'urorin sanyaya ɗaki kusan tare suke aiki. Wanda ya zaftare lodinsu da yawa zai ga babbar bireka tana faɗuwa da tsakar rana.