Bashin ƙungiya: “kowa zai biya nasa” ba shi ne abin da takarda ta ce ba

Magana na yawo tsakanin 'yan kasuwar Sabon Gari cewa ƙananan bankuna sun fito da sabuwar hanyar cuta, wai mutum ya gama biyan rabonsa na bashin ƙungiya, sai a dawo masa da na abokinsa. Ba sabon abu ba ne, kuma galibi yana cikin takardar da aka sa wa hannu. A wajen taƙaita bayani ne ake yin ɓarnar.

A ɗauka mutum uku sun ci bashin naira 900,000. Sharaɗin, da dogon Turancinsa, yana cewa bashin na wuyansu a haɗe, kuma yana wuyan kowannensu shi kaɗai. Wanda ya karanta musu, don kada ya gajiyar da su, sai ya ce, “Alhaji, ba komai, kowa zai biya nasa.” Da wannan jimla ya mayar da nauyin kowa naira 300,000, alhali takarda ta ɗora wa kowa 900,000 ɗin gaba ɗaya.

Ga taƙaitawar da ba ta taɓa haƙƙin kowa ba: “Idan ba a biya ba, banki na iya neman duk abin da ya rage daga hannun wanda ya ga dama a cikinku.” To, idan na farko ya biya 300,000, na biyu 100,000, na uku ya ɓace, saura 500,000, kuma banki na iya tare na farkon da su duka. Abin da ba zai iya ba shi ne karɓar fiye da jimillar abin da yake bi. Wanda ya biya fiye da rabonsa yana da damar bin sauran biyun, sai dai wahalar nemo su tasa ce. Ni dai ina ganin sharaɗin ya fi tausaya wa banki, amma haka yake.

Kada kuma a ce ai da baki an faɗa mini wani abu daban. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don sauya yarjejeniyar da ke rubuce, sai a 'yan wurare kamar zamba. Wanda bai iya karatu ba yana da kariya ta musamman, domin wajibi ne a karanta masa a kuma fahimtar da shi kafin ya dangwala.

Mai taƙaitawa ya yi hattara da “za a biya”. Wa zai biya, wa za a biya, nawa, yaushe? Idan amsar da gajeriyar jimlarka ta bayar ta saɓa wa ta takarda ko a ɗaya, sake ta kafin kowa ya sa hannu.