Tsohon kwalin magani da ƙodar iyayenmu

A ɗakin shan magani da nake aiki a nan Makka akwai abin da ke ta maimaituwa har ya fara ci mini rai. Za a kawo dattijo ko dattijuwa daga Shari Mansur ko Hindawiyya, 'ya'ya su ce kwana biyu tana yawan barci, tana magana ba kan gado, ƙafa ba ta ɗaukarta, kuma sun riga sun yanke hukunci cewa tsufa ne ko kuwa iska. Idan na ce a zazzage jakar magungunanta a kan tebur, a nan nake ganin cutar. Kwali ne da likita ya rubuta shekaru da suka wuce, duk sanda ya ƙare sai a ɗauki fankon a kai saidaliyya, wato kantin magani, a ce a ba da irinsa, ga kuma ragowar maganin ɗa ko na maƙwabciya, ga abin da wani alhaji ya bari da zai koma gida. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya auna ƙodarta ko sau ɗaya. 'Yan uwana, wannan ɗabi'a ta ba tsoho magani da tsohon ma'auni, ko da ma'aunin wani, ita nake roƙon mu daina.

Dalilin ba mai tsawo ba ne. Da yawa daga cikin magungunan da iyayenmu suke sha ta ƙoda suke fita daga jiki, ita kuwa ƙoda tana rage aiki sannu a hankali tun daga wajen shekara 40, kuma ciwon sukari da hawan jini suna ƙara mata saurin lalacewa. Idan magudana ta ƙuntata aka ci gaba da zuba ruwa kamar da, dole ya taru. Ƙwayar da ta yi wa mahaifiyarka daidai tana da shekara 65 tana iya zama guba gare ta a shekara 80, alhali kwalin bai canza ba, kuma ƙoda ba ta ciwo da za ta sanar da kai.

Bari in kawo misali guda daga irin waɗanda nake gani. Dattijuwa ce mai shekara 80, nauyinta kilo 48, tana da ciwon sukari da hawan jini. Tana shan metfomin, wanda aka fi sani da Gulukofaj, miligiram 1000 safe da yamma, kamar yadda aka rubuta mata tun tana da jiki. Ƙafafunta suna mata zafi da dare, sai ɗanta, wanda aka rubuta wa gabafentin saboda ciwon baya, ya riƙa ba ta daga nasa, miligiram 300 sau uku a yini kamar yadda shi yake sha. Gwiwa kuma tana damunta, don haka kullum akwai maganin ciwo Bultarin a ƙarƙashin matashinta. Da aka yi gwajin jini, kiriyatinin ɗinta ya fito 1.3, sai ɗan ya ce mini ai bai wuce iyaka da yawa ba, shi ma nasa kusan haka yake.

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Kiriyatinin datti ne da ƙoda ke tacewa daga jini, idan ta yi rauni sai ya ƙaru, amma daga tsokar jiki yake fitowa, tsohuwar da ta rame kuwa ba ta da tsoka mai yawa, saboda haka adadinta yana iya zama ƙasa ko da ƙodar ta yi rauni ƙwarai. Shi ya sa ba ma kallon adadin shi kaɗai, muna haɗa shi da shekaru da nauyi da jinsi, da lissafin da likitoci biyu, Cockcroft da Gault, suka wallafa a 1976, wanda amsarsa, CrCl, take nuna yawan aikin da ƙoda ke yi:

```
CrCl = (140 − shekaru) × kilo ÷ (72 × kiriyatinin mg/dL)
mace: × 0.85
```

Ga wannan baiwar Allah, 140 a cire 80 saura 60, sau 48 ya ba da 2880, a raba da 72 sau 1.3, wato 93.6, sannan a ninka da 0.85 saboda mace ce, amsar ta tsaya wajen 26. Ɗanta mai shekara 40 da kilo 80, da kiriyatinin iri ɗaya, nasa yana fitowa wajen 85. Ma'ana ƙodarta ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na aikin tasa ba, amma ƙwaya ɗaya da adadi ɗaya suke haɗiya. Idan takardar gwajinku an rubuta ta da µmol/L, kamar yadda asibitoci da dama suke yi a nan, a raba adadin da 88.4, wato 115 shi ne kusan 1.3. Akwai kuma layin da aka rubuta eGFR a takardar, wato wani ƙiyasin aikin ƙoda, wanda nata ya nuna wajen 42. Shi ma yana da amfani, amma bai san nauyinta ba, don haka ga tsoho ramamme yakan nuna ƙodar ta fi yadda take lafiya. Ban kawo lissafin nan don ku riƙa yanka ƙwaya da kanku ba. Na kawo shi don ku gane dalilin da ya sa nake ɗora iyayenku a kan sikeli, kuma ku daina ce mini gwajin ai lafiya lau ya fito.

Yanzu mu koma kan jakarta. Metfomin magani ne mai kyau, amma ƙa'idarsa a bayyane take: idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, bai kamata a wuce miligiram 1000 a yini ba, idan kuwa ya sauka ƙasa da 30, dakatar da shi ake yi gaba ɗaya, domin idan ya taru yana iya sa jini ya yi tsami, abin da yake kisa. Ita tana shan 2000, wato ko da eGFR ɗinta na 42 aka ɗauka, ninki biyu take sha na abin da ya dace da ita. Gabafentin kuwa kusan dukkansa ta ƙoda yake fita ba tare da jiki ya sarrafa shi ba. A matakin da ƙodarta take, ana farawa ne da miligiram 100 da dare a ƙara a hankali, kuma ba a son a wuce wajen 600 a yini, ita kuwa an fara mata da 900 kai tsaye. Barcin nan, da tangaɗi, da ruɗewa, da fizgar hannu da suka ɗauka aikin iska ne, duk alamunsa ne. Likita ya dakatar da Bultarin da metfomin, ya janye gabafentin, aka ba ta ruwa, aka sake gwaji bayan kwanaki, kuma sai da ƙodar ta ɗan farfaɗo aka zauna aka tsara mata maganin sukari da ya dace da ita. Ta dawo hayyacinta, ta gane jikokinta.

Sai maganar Bultarin da Burufen da 'yan uwansu, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. Su ba taruwa kawai suke yi ba, rage jinin da ke shiga ƙoda suke yi, wato su ne suke ƙara ƙuntata hanyar da sauran magungunan za su fita. Idan aka haɗa su da maganin hawan jini irin su lisinofiril ko losatan, da maganin sa fitsari irin Lasiks, a jikin tsohon da bai cika shan ruwa ba, a garin da zafin bazara yake haura maki 45, ƙoda tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Na san ba mugunta ce take sa ku saya ba. Wa zai ji mahaifiyarsa tana nishi da dare ya zauna? Ladan kula da iyaye kuna samunsa, kuma ina ganin wahalar da kuke sha. Amma don Allah, wane ne ya ce muku abin da ake sayarwa ba takardar likita ba shi da haɗari? Wasu har allurar Bultarin suke sa a yi wa tsoho a gida duk mako, suna murna ya miƙe ya tafi Harami. Ku bari. Ga ciwon gwiwa a fara da farasitamol, wato Fanadol, wanda ba ya cutar ƙoda idan an kiyaye adadi. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 duk bayan awa 6 ta ishe shi farawa, kuma a lura cewa yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, kada a ninka ba a sani ba.

Wani kwalin da nake yawan gani shi ne Dawonil na ciwon sukari. Idan ƙoda ta yi rauni yana daɗewa a jiki, sukari ya faɗi ƙasa, a ba tsoho dabino ya farfaɗo, bayan 'yan awoyi ya sake faɗi. Irin wannan asibiti ake kai shi, ba a barinsa a gida. Allurar insulin ma haka take daɗewa, shi ya sa tsohon da sukarinsa ya fara yawan sauka ba tare da ya canza abinci ba, ba warkewa ya yi ba, ƙodarsa ce take buƙatar a duba. Kada kuma wannan ya sa ku tsorata ku zubar da komai, domin akwai magunguna irin amlodifin na hawan jini da ba sa buƙatar ragi saboda ƙoda, kuma yanke wa tsoho magani da ka shi ma tsohon laifin ne a wata kama.

Abin da nake so ku yi ba shi da yawa:

- A yi gwajin kiriyatinin aƙalla sau ɗaya a shekara ga duk tsoho mai sukari ko hawan jini, idan ƙodar ta riga ta yi rauni kuwa duk wata 3 zuwa 6.
- A rubuta shekaru da nauyi da sakamakon gwajin a takarda guda, a nuna wa kowane likita da mai saidaliyya kafin a karɓi sabon magani.
- A zo da jakar gaba ɗaya, har da na gargajiya da wanda aka aiko daga gida.
- Kada a ba shi na wani, ko da cutar iri ɗaya ce.

Na san akwai waɗanda kuɗi ko matsalar igama, wato takardar izinin zama, take hana su zuwa babban asibiti. Gwajin nan jini kaɗan ne, ƙananan ɗakunan gwaji suna yinsa, kuma kuɗinsa bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba, balle wankin ƙoda sau uku a mako.

Ranar da tsoho ya kamu da amai ko zawo, ko ya kasa ci da sha, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar, domin galibi ana dakatar da metfomin da Lasiks da irin su lisinofiril na kwana ɗaya ko biyu har sai ya koma ci da sha. Haka kuma kafin azumi, ko kafin a kai shi Umara cikin zafi, a sake gwajin a daidaita masa magani tun da saura makonni. Idan kuwa fitsarinsa ya ragu sosai, ko ƙafafu suka kumbura, ko yana numfashi da sauri, ko ya kasa farkawa yadda ya saba, a ɗauke shi da jakar magungunansa a kai shi sashen gaggawa a daren, kada a jira gari ya waye.