Waiwaye: Me ya sa ɗalibi ke iya zana zuciya amma ya kasa bin sawun jinin da ke cikinta?

Duk lokacin da jarrabawa ta matso sai muhawarar nan ta dawo, wai ɗalibanmu na sakandare suna zana zuciya tsaf har da sunayen ɗakuna huɗu, amma da an ce su bayyana abin da ke faruwa a bugu ɗaya sai kame-kame. Wasu su ce lalacin yara ne, wasu su ce ai Turancin ne ya tare musu hanya, wasu su ce rashin kayan gwaji. Kowa da gaskiyarsa, amma ku duba kuskuren da ya fi yawa tukuna: yaro zai ce jini ya shigo dama, sai kawai ya tsallakar da shi hagu ta bangon tsakiya, ya manta da huhu gaba ɗaya. Wannan kuskure fa ba yau ya fara ba, manyan likitocin duniya sun zauna a kansa sama da shekara dubu.

Jalinus, likitan da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2 miladiyya, ya koyar cewa hanta ce ke ƙera jini, kuma wani sashe nasa na ratsawa daga ɗakin ƙasa na dama zuwa na hagu ta wasu ƙananan hudoji da ido ba ya gani. Hasashe ne mai ma'ana a zamaninsa, don duk wanda ya kalli zuciyar da ta daina motsi zai ga ɗakuna biyu manne da juna, dole ya zaci akwai hanya a tsakani. William Harvey na Ingila kuwa shi kowa ya sani, a 1628 ya nuna jini zagayawa yake yi, sai Marcello Malpighi a 1661 ya hango siraran jijiyoyin da ke haɗa zagayen a huhun kwaɗo.

Wanda ake tsallakewa yana tsakanin Jalinus da Harvey. Ibn al-Nafis, ɗan yankin Dimashƙu da ya yi aikin likita a Alƙahira, wajen 1242 ya rubuta sharhi a kan sashen halittar jiki na littafin Ibn Sina, kuma a nan ya ce ƙarara babu wasu hudoji a bangon nan, na gani ko na ɓoye, bangon kauri gare shi. To in babu hanya a tsakani, ta ina jinin dama ke kaiwa hagu? Ya ce dole ya fita ta babbar jijiyar da ke zuwa huhu, ya bazu a can ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar ya shiga hagu. Har ma ya ce tilas akwai ƙananan mahaɗai tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhu, alhali sai bayan shekara ɗari huɗu da wani abu aka gan su da madubin ƙara girma. Bai kai ga gano cikakken zagayen jini a duk jiki ba, wannan na Harvey ne, amma shi ya toshe gajeriyar hanyar ya tilasta a tambayi ina jinin ya bi. A Turai sai 1553 Michael Servetus ya rubuta irin wannan, Realdo Colombo ya biyo baya a 1559, shi kuwa sharhin Ibn al-Nafis sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da shi a laburare a Berlin ya dawo da shi idon duniya.

Ni a nan nake ganin tushen matsalar yake. Zane a tsaye yake, shi ya sa yake rudar yaro kamar yadda zuciyar da ba ta motsi ta rudi na da. Don haka ƙannena ku ajiye zanen mu bi jinin da kansa a bugu guda, a mutumin da zuciyarsa ke buga sau 75 a minti, wato kowane bugu daƙiƙa 0.8 ke nan.

Da farko zuciya a sake take. Jinin da jiki ya gama kwashe oksijin ɗinsa yana zubowa ɗakin sama na dama, a daidai lokacin kuma wanda ya sha oksijin daga huhu yana zubowa ɗakin sama na hagu. Bawul biyu da ke tsakanin sama da ƙasa, wato ƙofofin da ke barin jini ya bi ta hanya ɗaya kawai, a buɗe suke, tirikasfid mai ganye uku a dama da maitiral mai ganye biyu a hagu, don haka mafi yawan jinin da kansa yake gangarawa ƙasa ba tare da an tura shi ba. Sai ɗakunan sama su matse na daƙiƙa 0.1 su ƙarasa cikon.

Daga nan ɗakunan ƙasa biyu su matse tare, wajen daƙiƙa 0.3. Abin da za ku riƙe shi ne bawul ba shi da wani ƙarfin kansa, matsi ne ke buɗe shi matsi ne ke rufe shi, kamar bawul ɗin tayar keke da iska ke shiga ba ta fitowa. Da matsin ƙasa ya fi na sama sai tirikasfid da maitiral su rufe, ga wasu zarurruka masu ƙarfi sun riƙe ganyayensu don kar su kife zuwa sama. Wannan rufewar ce sautin farko, "lab". Na ɗan ƙiftawar ido bawul huɗun duk a rufe suke matsi na ta hawa, har sai ya fi na manyan jijiyoyin fita, sai bawul ɗin huhu ya buɗe jinin dama ya nufi huhu, bawul ɗin ayota, babbar jijiyar da ke fita daga hagu, ya buɗe jinin hagu ya nufi duk jiki. Da ɗakunan ƙasa sun saki, jinin da ya fita ya so ya komo, sai shi da kansa ya cika aljihunan waɗannan bawul biyu ya rufe su, "dab" ke nan, sauti na biyu. Sauran daƙiƙa 0.4 hutu ne da sake cika.

Kowane ɗakin ƙasa yana fitar da kamar mililita 70 a bugu, ku ninka sau 75, kun ga an zarce lita 5 kaɗan a minti, kusan duk jinin babban mutum ke nan. Irin wannan lissafin Harvey ya yi ya nuna hanta ba za ta iya ƙera jini mai yawan haka ba. Kuma adadin da dama ke turawa daidai yake da na hagu, ƙarfin turin ne ya bambanta: hagu na kai matsin 120 a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi, dama wajen 25 kawai tunda huhu na kusa kuma ba ya son matsi mai yawa, shi ya sa bangon hagu ya ninka na dama kauri kamar sau uku.

Ashe da hudojin Jalinus na nan da matsala ce. Akwai jariran da ake haifa da huji a bangon tsakiya, kuma jinin ba daga dama zuwa hagu yake bi ba yawanci, daga hagu mai matsin 120 yake kwararowa dama, huhu ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa, in hujin babba ne yaro ya riƙa haki wajen shan nono kuma ba ya ƙiba. Haka in bawul ya ƙuntata ko yana yoyo, misali maitiral da zazzaɓin rumatik ya lalata bayan ciwon maƙogwaro na bakteriya da ba a yi wa magani ba, likita zai ji wani "shuu" ya shiga cikin lab da dab in ya ɗora abin sauraro a ƙirji, kuma daga inda sautin ya faɗo a cikin bugun da wurin da ya fi ƙarfi a ƙirjin yake fara gane bawul ɗin da ke da laifi, kafin a tabbatar da hoton zuciya.