Izinin Iyaye da Dukiyar Aure a Neman Auren Hausawa

A yawancin gidajen Hausawa, ba a ɗaukar neman aure da muhimmanci sai manya sun shiga cikinsa. Saurayi yana iya zuwa zance wajen yarinya na ɗan lokaci, amma da zarar zuwan ya yawaita, mahaifinta yakan aika masa cewa ya turo magabatansa. Wannan saƙo shi ne iyaka tsakanin soyayya da neman aure, kuma saurayin da ya kasa turowa yawanci akan dakatar da shi daga ƙofar gidan.

Masu zuwa nema galibi baffanni ne ko yayyen uba, kuma a gidan yarinya ma uba yakan wakilta ƙaninsa ko wansa ya karɓe su, saboda kunya da kara. Ba a cika ba da amsa a ranar ba, sai an yi bincike a kan asalin saurayin, da sana'arsa, da halinsa, da riƙonsa da addini. Idan an gamsu aka ce an ba shi, to wani ba ya da damar shiga, domin Musulunci ya hana nema cikin nema. Yardar iyaye tana da fuska biyu. Ta fuskar shari'a, mazhabar Malikiyya da Hausawa suke bi ba ta inganta aure ba tare da waliyyi ba. Ta fuskar al'ada kuwa, ana ganin albarkar iyaye ce take riƙe aure, kuma waɗanda suka sa albarkar su ne za su zauna sulhu ranar da saɓani ya taso.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne dukiyar aure, domin abubuwa da dama suna shiga ƙarƙashin wannan suna alhali hukuncinsu ya bambanta. Kayan na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar uwa da uba, da kuɗin sa rana, da lefe, duk al'ada ce, kuma sunayensu da yawansu suna sauyawa daga gari zuwa gari. Sadaki kaɗai ne wajibi, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya shi ne rubu'in dinari, wato zinari gram 1 da ɗan ɗoriya, ko dirhami 3 na azurfa, shi ya sa adadinsa a kuɗi yake hawa da sauka tare da farashin zinari. Ba a ƙayyade mafi yawansa ba. A wajen ɗaurin aure, wakilin ango yana ambaton adadin a gaban shaidu, ya kuma bayyana ko lakadan ne ko ajalan. A gidaje da yawa iyaye kan zuba sadakin cikin sayen kayan ɗaki, wanda ya kamata a yi da sanin yarinyar da yardarta.

Amfanin wannan rarrabewa yana fitowa ne idan magana ta lalace. A ɗauka saurayi ya kai kuɗin gaisuwa da akwatunan lefe, an sa rana, sai dangin yarinya suka fasa. Fatawar da ta shahara a Malikiyya ita ce a mayar masa da abin da ya kawo, tunda fasawar daga wajensu ta fito, amma idan shi ne ya janye ba ya da haƙƙin neman kyaututtukansa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta tanadi haka. Idan an riga an ɗaura auren ya sake ta kafin ya kusance ta, rabin sadakin da aka ambata nata ne, bisa aya ta 237 ta Suratul Baƙara. Wannan ne ya sa dattawa masu lura suke ƙirga kayan lefe a gaban matan ɓangarorin biyu ranar da aka kawo su.

Nauyin da ya fi danne iyalai, a gaskiya, daga idon jama'a yake fitowa. Ana buɗe lefe a gaban 'yan uwa da maƙwabta ana ƙidaya turamen atamfa da leshi, sannan dangin ango su ma su zo ganin jeren ɗaki da gara. Tsoron gori yana sa uban amarya cin bashi, yana kuma jinkirta auren samari shekaru, alhali sadakin kansa yawanci ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa. Hukumomi sun tsoma baki a wasu wurare: a Kano, gwamnati ta fara ɗaukar nauyin auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah a 2012, tana biyan sadaki tana ba da kayan ɗaki. A 2024 kuma jihar ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da cutar ƙanjamau, da ciwon hanta, da ƙwayar halittar sikila, don haka takardar asibiti ta shiga cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ɗaura aure.