Ikwalaiza da kwamfiresa: ma'anarsu a wajen gyaran murya

Duk wanda ya taɓa murɗa maɓallin bes a rediyon mota ya riga ya yi aiki da ikwalaiza, wadda manhajoji ke rubutawa EQ. Aikinta shi ne ƙara wa wani sashe na murya ƙarfi ko rage masa, ba tare da an taɓa sauran ba. Da Hz ake auna sassan: ƙananan lambobi su ne kauri, manya kuma kaifi.

A ce ka naɗi sanarwa da waya, wayar na nesa da bakinka. Da ka saurara sai ka ji muryar siririya, kuma kamar ta bayan mayafi ake magana. A manhajar gyaran sauti ta Audacity, buɗe Filter Curve EQ, ka fara zubar da duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, don galibi gurnanin mota da janareta ne a can. Sai ka ɗaga wajajen 150 Hz da 2 ko 3 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kaurin ƙirji ya dawo. In muryar mace ce, matsa wajen 200. Wajajen 400 Hz nan ne amon ɗaki ke taruwa, murya ta zama kamar daga cikin kwali, to rage shi kaɗan.

Fitar haruffa tana tsakanin 3000 da 5000 Hz, kuma ni a nan na fi daɗewa. Nakan ƙara 3 dB, in yi ta maimaita jimla mai "ƙ" da "ts" da "sh" har in ji kowanne ya fita sarai. Da zarar "s" ta fara sukan kunne, an wuce gona da iri, sai a koma baya.

Kwamfiresa kuwa, ba irin ta firji ba, ruwanta da hawa da saukar murya. Inda ka ɗaga murya ta danne kaɗan, daga nan sai a ƙara ƙarfin rikodin ɗin gaba ɗaya, ƙarshen jimlolin da kake haɗiyewa su fito. Sa Ratio, wato yawan dannewa, a 2:1 ko 3:1, ka riƙa sauke Threshold, wato matakin ƙarar da dannewa ke farawa, har dannewar ta kai 3 zuwa 4 dB a wurare masu ƙarfi. In ka ji numfashi da ƙarar fanka suna kumbura tsakanin kalmomi, matsin ya yi yawa.

Kafin ka ce ya yi, daidaita ƙarar tsohon da gyararren sannan ka kwatanta, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Abin da makirifo bai kama ba kuma, ikwalaiza ba ta ƙirƙiro shi: muryar da aka naɗa ta layin kira na gargajiya an riga an yanke mata ƙasa da 300 Hz. In da hali, sake naɗa, makirifo na tazarar taƙi ɗaya daga baki, kauri zai zo da kansa.