Hoton jini a gilashi: lauje, malafa da abin da ke ruɗin ido

Kalmar sikila daga Turanci ta zo, ma'anarta lauje. Likitan da ya fara bayyana ciwon a rubuce, James Herrick, a shekarar 1910, siffar lauje ya gani a ƙwayoyin jinin wani ɗalibi. Irin kallon da ya yi shi ne ma'aikatan lab ke yi har yau idan likita ya rubuta PBF, wato gwajin duba siffar ƙwayoyin jini, a takardar gwaji. Ana ɗiga jini a gilashi, a ja shi da wani gilashin ya yi siriri, a bari ya bushe, a rina shi da rinin Lishman, sannan a duba a na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ta madubin da aka rubuta wa 100x, da ɗigon mai a kai.

Kafin a ce an ga wani abu, sai an tambayi inda aka ɗauki hoton. Shimfiɗar jinin tana da kai mai kauri da wutsiya siririya. A kan, ƙwayoyin sun hau juna kamar an jera kwabbai. A ƙarshen wutsiyar kuma sun baje, hasken tsakiyarsu ya ɓace. Wurin karatu yana gab da wutsiya, inda ƙwayoyi ke kusa da juna amma ba su hau juna ba. Hoton da aka ɗauka a wani wurin, komai kyansa, ɓata lokaci ne.

Lafiyayyar jar ƙwaya zagayayyiya ce, kamar ƙaramar gurasa da aka danna tsakiyarta ta fuska biyu, shi ya sa tsakiyar ke da haske kimanin kashi ɗaya bisa uku na faɗinta. Ƙwayar sikila ta gaske doguwa ce, ta lanƙwashe, ta yi duhu ba hasken tsakiya, kuma bakinta biyu duk masu tsini ne. Tsinin nan shi ne mizani. Doguwar ƙwaya mai dunƙulallen baki kamar dabino ba sikila ba ce, ana yawan ganinta a ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma ita ce ke yawan kayar da sababbin ɗalibai.

Wadda ma'aikata ke kira taget kuwa, ka ɗauka kana kallon malafa daga sama: baki mai launi, zobe mai haske, sai ɗigo mai launi a tsakiya. Fatar ƙwayar ce ta fi abin da ke cikinta yawa, sai ta tattare. Ita kaɗai ba ta faɗin sunan ciwo, domin ana samunta a jinin C, wato wani nau'in jini da ake gadonsa kamar na sikila, da ciwon hanta, da ƙarancin ƙarfe, da wanda saifarsa ta daina aiki. Ko gilashin da ya jima bai bushe ba a danshin damina yakan fitar da ita ta ƙarya. Idan a gefe ɗaya kawai ta taru, sauran wuraren babu, sake shimfiɗa ya fi gardama.

A ce ga saurayi ɗan shekara 19 a Gombe, yana fama da ciwon ƙugu, jininsa bai yi ƙasa sosai ba, haimogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, yana 11. An duba fili 10, wato wurare 10 a kan gilashin. A kowane fili malafa ta yi yawa, lauje na gaske kuwa da ƙyar aka samu biyu gaba ɗaya, sai wasu ƙwayoyi masu kama da kwale-kwale. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta SS don ya ga lauje. Amma mai SS yawanci jininsa yakan tsaya tsakanin 6 da 9, laujen ya fi haka yawa, ga manyan ƙwayoyi masu shuɗi-shuɗi, sababbi da ɓargo ya sako da wuri, ga wasu da ɗigo guda mai duhu a ciki, alamar saifa ta gaji. Hoton wannan saurayi ya fi karkata ga SC, wato wanda ya gaji jinin sikila da jinin C tare. A wajen Gombe jinin C bai kai yawan da yake da shi a ƙasar Yarbawa ba, to amma akwai shi, kuma an fi mantawa da shi.

Abin da ya dace a rubuta shi ne abin da ido ya gani: taget da yawa, sikila kaɗan, ana shawartar gwajin jinotayif. Gilashi siffa yake nunawa, ba ya ba da jinotayif. Mai AS hotonsa yakan fito tas kamar na mai AA, don haka masu shirin aure kada su dogara da shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba yana iya zama SS ba a ga lauje ba, saboda haimogulobin ɗin da ya zo da shi daga ciki yana hana lanƙwasar. Shi ma saurayin nan a tambaye shi ko an ƙara masa jini cikin wata 3 da suka wuce, domin jinin wani yana rikita hoton, yana rikita jinotayif ɗin ma.