Layuka biyu na farko a bayanin bidiyo

Layuka biyu na farko a bayanin bidiyo su ne ɗan ɓangaren rubutun da mai kallo yake gani a ƙarƙashin bidiyo ba tare da ya taɓa komai ba, kafin dandalin ya yanke sauran ya ɓoye shi a bayan wata alama da take fitowa da sunan "Show more" ko "...more". A YouTube, wanda aka kafa a 2005 kuma Google ya saya a 2006, bayanin bidiyo yana iya kaiwa haruffa 5000, take kuma haruffa 100, amma abin da yake bayyana da kansa daga cikin waɗannan dubban haruffa bai wuce jimla ɗaya ko biyu ba. Duk abin da ya faɗa bayan wurin yankewa, sai wanda ya yi niyya ya danna zai karanta shi, kuma galibin masu kallo bidiyon ne ya kawo su, ba karatu ba.

Tsarin ba na YouTube ba ne shi kaɗai. Instagram yana karɓar rubutu har haruffa 2200 amma yana yanke shi bayan kimanin 125, Facebook da TikTok su ma suna naɗe dogon rubutu. Masu jarida sun daɗe da sanin wannan matsala tun zamanin takarda, domin jaridar da aka ninke biyu aka ajiye rabinta na sama kawai ake gani, saboda haka a can ake sa labarin da zai sa a ɗauka.

Inda yankewar take faɗawa

Ana yawan cewa marubuci yana da haruffa 100 zuwa 150 kafin a yanke, kuma wannan ƙiyasi ne mai amfani, sai dai ba doka ba ce. A shafin kallo, abin da ake aunawa shi ne yawan layukan da suka shiga akwatin, kuma tsawon layi ya dogara da faɗin allo da girman rubutun da mai na'urar ya zaɓa. Jimlar da ta zauna daram a layi ɗaya a kwamfuta tana iya cinye layi uku a ƙaramar waya. A manhajar waya ma sau da yawa bayanin ba ya fitowa a fili sam, sai an taɓa take ko alamar ƙari sannan ya buɗe. Dandalin kuma yana sauya fasalinsa lokaci zuwa lokaci, don haka adadin da ya yi daidai bara ba lallai ya yi daidai bana ba.

Abin da ya biyo baya daga wannan shi ne cewa duk lokacin da marubuci ya sauka zuwa sabon layi, ya kashe layi guda ke nan, ko da kalma uku ya rubuta a cikinsa. Layin da aka bari fayau domin ado shi ma yana cin gurbi. Wanda ya fara da gajeriyar gaisuwa, ya bar sarari, sannan ya shiga magana, ya ƙarar da rabonsa kafin ya faɗi komai.

Dannawa iri biyu

Masu ba da shawara kan wannan batu sukan haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, kuma daga nan ne mafi yawan ruɗani yake tasowa.

Ta farko ita ce dannawar da take shigo da mutum cikin bidiyon. A shafin farko na YouTube da jerin bidiyoyin da ake ba mai kallo shawara a gefe, ba a nuna bayani ko kaɗan. Hoton fuskar bidiyo da take ne kawai suke magana a can, kuma ko an rubuta layuka biyu mafi kyau a duniya ba za su taɓa idon kowa ba. Wurin da bayanin yake fitowa kafin a shiga bidiyo shi ne sakamakon bincike, musamman a kwamfuta, inda ake nuna ɗan guntun rubutu a ƙarƙashin take da sunan tasha. Haka kuma idan aka tura linkin bidiyon a wasu manhajojin saƙo ko aka same shi a binciken Google, farkon bayanin yana iya fitowa tare da shi. Wannan guntun ba kullum ne yake zama farkon rubutun ba, domin injin bincike yana iya tsamo jimlar da ta fi dacewa da kalmomin da mai nema ya rubuta, amma farkon shi ne wanda aka fi komawa gare shi. Saboda haka tasirin layukan a kan shigowa yana da ƙarfi ga bidiyon da ake samu ta hanyar nema, kamar na koyar da gyara ko amsa tambaya, yana kuma da rauni ga bidiyon nishaɗi da mutane suke cin karo da shi a shafin farko.

Ta biyu ita ce dannawar da take faruwa bayan mutum ya riga ya shigo: ya taɓa linki, ko ya buɗe sauran bayanin. A nan tasirin kai tsaye ne. Linkin da yake a layi na biyu yana buƙatar taɓawa ɗaya, wanda yake a layi na goma kuwa yana buƙatar mai kallo ya tuna akwai shi, ya buɗe akwatin, ya gangara, sannan ya taɓa, kuma a kowane mataki ana zubar da mutane.

Misali da aka bi daki-daki

A ɗauka wani ya ɗora bidiyo mai taken "Yadda ake gyara famfo mai yoyo", kuma bayaninsa ya fara kamar haka:

```
Barkanku da zuwa tasharmu mai albarka!

Kada ku manta ku danna ƙararrawa.
```

Mutumin da famfonsa yake ɗiga tun daren jiya, ya rubuta matsalarsa a wurin nema, ya ga bidiyoyi biyar masu take kusan iri ɗaya, zai duba ƙasan kowanne yana neman abin da zai raba masa gardama. A ƙasan wannan ba zai sami komai ba sai gaisuwa da roƙo, alhali bai san mai tashar ba, bai kuma ga abin da zai sa ya bi shi ba tukuna. Ga yadda za a iya sake rubuta shi:

```
Famfo yana ɗiga bayan an rufe shi? Ga yadda ake canza robar ciki da sifana ɗaya, cikin minti 10.
Jerin kayan aiki da girman roba: https://example.com/famfo
```

Layin farko bai kai haruffa 100 ba, kuma bai maimaita take ba. Ya ƙara abin da take bai da wurin faɗa, wato wane irin yoyo ake nufi, me za a canza, wane kayan aiki ake buƙata da tsawon lokacin da aikin zai ci. Wanda famfonsa yake yoyo daga bututu ne, ba daga baki ba, zai gane nan take cewa ba nasa ba ne, ya wuce, kuma wannan ba asara ba ce, domin da ya shigo da zai fita cikin daƙiƙu kaɗan ya rage wa bidiyon matsakaicin lokacin kallo. An kuma jera maganar ta yadda ko yankewar ta faɗo a tsakiyar jimla, alamar matsalar da maganinta sun riga sun fito. A ganin mai wannan rubutu, maimaita take kalma da kalma a layin farko shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurin masu ƙoƙari, domin suna ganin sun yi aiki alhali sun ba mai nema abu ɗaya sau biyu.

Layi na biyu yana ɗauke da linki ɗaya tak, kuma an faɗi abin da ke cikinsa kafin a kawo shi. Da an sa linkin a farkon layin farko, da guntun da zai fito a sakamakon bincike ya zama tarin haruffa marasa ma'ana ga mai karatu. Jerin lokutan sassan bidiyo, wanda YouTube ya fara mayarwa babi-babi a 2020, ba ya buƙatar zama a sama. Sharaɗinsa shi ne ya fara da 0:00, ya kai aƙalla guda uku, kowane sashe kuma kada ya gaza daƙiƙa 10, kuma yana aiki ko a ƙasan bayanin yake. Haka alamun hashtag, ana iya ajiye su a ƙarshe.

Wani abu da yake ɓata layukan ba tare da mai tasha ya lura ba shi ne saitin "Upload defaults" a YouTube Studio, wato shafin da mai tasha yake sarrafa bidiyoyinsa, saitin da yake zuba rubutu ɗaya a kowane sabon bidiyo. Idan an bar shi a sama aka rubuta sabon bayani a ƙasansa, duk bidiyoyin tashar za su fito a bincike da farko iri ɗaya.

Yadda ake gane ko canjin ya yi aiki

YouTube Studio yana nuna "Impressions click-through rate", wato kason waɗanda suka danna daga cikin waɗanda aka nuna wa hoton bidiyon, kuma kamfanin da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Wannan adadi na gaba ɗaya ba zai nuna tasirin bayani ba, tunda ya haɗa da wuraren da ba a ganin bayanin. Dole a ware zirga-zirgar da ta zo daga "YouTube search" a duba ta ita kaɗai. Idan, alal misali, an nuna bidiyon famfon sau 2000 a bincike cikin mako biyu aka danna sau 80, kashi 4 ke nan; idan bayan gyara an nuna shi sau 2000 aka danna sau 86, bambancin ya yi ƙanƙanta a gina hukunci a kansa, domin irinsa yana faruwa ko ba a taɓa komai ba. Wajibi ne kuma a bar take da hoto yadda suke a lokacin gwajin, in ba haka ba ba za a san wanne ya jawo sauyin ba. Dannawar linki kuwa ba a cikin wannan adadi take ba. Ana ƙirga ta ne daga ɓangaren shafin da aka tura mutane, ta hanyar ƙara alama irin `?utm_source=youtube` a ƙarshen linkin.

Iyaka da haƙƙin mai kallo

A gajerun bidiyoyi na Shorts, tun daga ƙarshen Agustan 2023 linkin da aka sa a bayani ba ya dannuwa, saboda haka dabarar layi na biyu ba ta da amfani a can. Akwai kuma wani abu da yake da haƙƙin shiga waɗannan layuka ko da ba zai ƙara dannawa ba, wato sanarwar cewa an biya mai bidiyon kuɗin talla ko yana samun kamasho daga linkin. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta bayyana a jagorarta ta 2019 ga masu tasiri a kafofin sada zumunta cewa sanarwar da sai an danna alamar ƙari kafin a gan ta mai yiwuwa ne ta wuce mutane, ta kuma ce a faɗe ta a cikin bidiyon kansa, ba a bayani kawai ba. Idan linkin da ke layi na biyu na kamasho ne, kalmar da ta faɗi hakan tana zama a layi ɗaya da shi, kafin a kawo shi.